Daga Wayoyin Moraviya Zuwa Lissafin Tarjan: Tarihin Dabarar Gane Zobe

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sabuwar ƙasar Cekoslobakiya ta himmatu wajen kai wutar lantarki garuruwa da ƙauyukan yankin Moraviya. Waya tana da tsada, turaku suna da tsada, kuma duk kilomitar da aka ja ba bisa buƙata ba kuɗi ne aka zubar. Wani ma'aikacin kamfanin lantarki na yammacin Moraviya, Jindřich Saxel, ya kai matsalar wurin abokinsa Otakar Borůvka, matashin malamin lissafi a birnin Brno. Tambayar ita ce: ga garuruwa, ga nisan da ke tsakanin kowane biyu, ta ina za a ja waya ta yadda wuta za ta isa ko'ina da mafi ƙarancin jimillar tsawo?

A 1926 Borůvka ya buga amsarsa a takardu biyu, ɗaya ta masana lissafi, ɗaya kuma gajera a mujallar injiniyoyin lantarki, da misalin garuruwa 40. Abin da ake nema yana da siffa sananniya. Idan garuruwan n ne, layuka n − 1 sun wadatar, kuma ba za a sami zobe a cikinsu ba, wato hanyar da za ta tashi daga gari ta zagayo ta dawo masa. Dalilin a fili yake: duk inda zobe ya samu, ana iya cire layi ɗaya daga cikinsa, wuta ta ci gaba da zagayawa ta ɗaya ɓangaren, kuɗin layin ya dawo aljihu. Irin wannan tsari mai haɗe kowa ba tare da zobe ba shi masana ke kira bishiya. Gwada bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya kuwa ba zai yiwu ba, domin tun 1889 Arthur Cayley ya nuna cewa garuruwa goma kacal, idan ana iya haɗa kowane biyu, suna ba da bishiyoyi miliyan 100.

Vojtěch Jarník ya kawo wata hanyar a 1930, wadda Robert Prim ya sake ganowa a 1957 har ta tafi da sunansa. Amma labarin da nake bi ya ratsa ta wurin Joseph Kruskal ne. Wata fassarar aikin Borůvka da aka buga da tafireta ta yi ta yawo a hannun masana lissafi a Amurka, ta iso ga Kruskal, shi kuma ya ga cewa za a iya yin abin cikin sauƙi fiye da haka. Takardarsa ta 1956 shafi uku ce. Ga abin da ta ƙunsa: jera layukan daga mafi gajarta zuwa mafi tsawo, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka karɓi kowane layi muddin bai rufe zobe da waɗanda ka riga ka karɓa ba. Idan ka tara n − 1, ka gama.

Kalmar "muddin" ɗin nan ita ta ɗauki nauyin komai. Mutum mai taswira da fensir yana kallon zane ya ga zobe da idonsa. Kwamfuta ba ta ganin taswira, jerin lambobi take riƙe da shi. Idan aka miƙa mata layi tsakanin gari na 4,017 da gari na 88,203, ta yaya za ta san ko akwai wata hanya mai lanƙwasa da ta riga ta haɗa su? Abu mafi kusa da hankali shi ne ta tashi daga gari na farko ta bi duk layukan da aka karɓa ta ga ko za ta iso na biyu. Wannan yana ba da amsa daidai, sai dai kowane bincike na iya ratsa kusan dukkan garuruwan. Da garuruwa 100,000 da layuka miliyan ɗaya, aikin na iya kaiwa matakai biliyan 100. Jera layukan bisa tsawo, wanda ake zaton shi ne babban aiki, bai wuce kwatance kusan miliyan 20 ba.

Maganin ya zo daga wani wuri da ba ruwansa da wayoyi ko taswira. Harshen shirya kwamfuta na FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, yana da umarni mai suna `EQUIVALENCE`. A wancan zamani ma'ajiyar kwamfuta ƙarama ce ƙwarai, don haka mai rubuta shiri yakan ce sunaye biyu su yi tarayya a gurbi ɗaya. Yana iya cewa A da B gurbinsu ɗaya, can gaba ya ce C da D gurbinsu ɗaya, can kuma ya ce B da D ma haka. Dole manhajar da ke fassara shirin ta gane da kanta cewa yanzu A da C ma sun zama ɗaya, ko da yake ba wanda ya faɗa. A 1964, Bernard Galler na Jami'ar Michigan da wani matashi, Michael Fischer, suka buga wata gajeriyar takarda kan wannan. Shawararsu ita ce kowane suna ya riƙe abu guda: wa ke samansa. Wanda ba kowa a samansa shi ne tushen rukuninsa, kuma sunan tushen shi ne sunan rukunin duka.

Abin ya yi kama da yadda za ka gane ko mutum biyu talakawan masarauta ɗaya ne. Ba sai ka ƙirga mutanen ƙasar ba. Ka tambayi kowannensu mai unguwarsa, daga nan dagaci, daga nan hakimi, har ka isa ga sarki. In sarkin ɗaya ne, ƙasarsu ɗaya.

Aiki biyu kawai tsarin yake yi. Na farko, `find`, yana hawa daga mutum zuwa na samansa har ya kai tushe. Na biyu, `union`, yana haɗe rukuni biyu ta hanyar sa tushen ɗaya a ƙarƙashin tushen ɗayan. Sai aka lura cewa tambayar Kruskal ita ce tambayar FORTRAN cikin wata riga. Sabon layi yana rufe zobe ne kawai idan garuruwan bakinsa biyu sun riga sun haɗu ta wata hanya, wato suna rukuni ɗaya. Ba a buƙatar sanin hanyar, ba a buƙatar ganin zoben. A nemi tushen wannan, a nemi tushen wancan. In sun zo ɗaya a jefar da layin, in sun bambanta a karɓe shi a haɗe rukunan.

Sai dai tsarin a haka yana da rauni. Idan aka yi rashin sa'a, kowane haɗi ya sa tsohon tushe a ƙarƙashin sabon shigowa, rukunin zai zama doguwar sarƙa, na ƙasa sai ya hau matakai dubbai kafin ya ga tushe, an koma gidan jiya. Gyara biyu suka kawar da wannan. Na farko shi ne a daina haɗawa da ka: ƙaramin rukuni ya shiga ƙarƙashin babba. Da farko yawan mutanen rukuni ake ƙirgawa. Daga baya aka fi sabawa da wata lamba da ake kira daraja, `rank` a cikin shiri, wadda Robert Tarjan ya yaɗa a littafinsa na 1983 da kuma aikinsa tare da Jan van Leeuwen a 1984. Kowa yana farawa da daraja 0. In tushe biyu suka haɗu, mai ƙaramar daraja ya shiga ƙarƙashin mai babba, kuma ba abin da ya canja. In darajarsu ɗaya, a zaɓi ɗaya ya hau, darajarsa ta ƙaru da 1.

Gyara na biyu shi ne taƙaita hanya. Duk lokacin da aka hau daga ƙasa zuwa tushe, wahalar hawan an riga an sha ta, to me zai sa a bar wanda zai zo gobe ya sake shanta? A kan hanyar dawowa sai a ɗauki kowane wanda aka ratsa a manna shi kai tsaye ga tushe. Wannan dabara ba ta fito a wata takarda mai ɗauke da sunan mai ita ba. Ana danganta ta ga Douglas McIlroy da Robert Morris na ɗakunan binciken Bell, da kuma Alan Tritter, ta bakin waɗanda suka rubuta littattafan fannin daga baya. Masu aiki da hannu ne suka gano ta, suka ga tana gudu, suka ci gaba da harkarsu.

Ga tsarin gaba ɗaya a harshen Python:

```python
def find(x):
    if parent[x] != x:
        parent[x] = find(parent[x])
    return parent[x]

def union(x, y):
    a, b = find(x), find(y)
    if a == b:
        return False
    if rank[a] < rank[b]:
        a, b = b, a
    parent[b] = a
    if rank[a] == rank[b]:
        rank[a] += 1
    return True
```

A farkon aiki `parent[x]` na kowa shi ne kansa. Idan `union` ya dawo da `False`, layin zobe ne.

Bari mu bi misali har ƙarshe. A ce ƙauyuka shida ne, A, B, C, D, E da F, kuma layukan da za a iya ja, bayan an jera su, su ne: A–B kilomita 2, C–D 3, B–D 4, A–C 5, E–F 6, D–F 7, C–E 9.

Layin A–B ya zo, kowannensu tushen kansa ne, darajarsu 0 da 0. An karɓa, B ya shiga ƙarƙashin A, darajar A ta zama 1. Haka C–D: D ya shiga ƙarƙashin C, darajar C ta zama 1. Sai B–D. Tushen B shi ne A, tushen D shi ne C, sun bambanta, an karɓi layin. Darajar tushen biyu ɗaya ce, don haka C ya shiga ƙarƙashin A, darajar A ta koma 2. Yanzu D yana hawa biyu kafin ya kai tushe: daga D zuwa C, daga C zuwa A.

Layi na huɗu shi ne A–C mai kilomita 5. Tushen A shi ne A, tushen C ma A. An ƙi shi. In ka duba taswira za ka ga gaskiyar hukuncin, domin daga A ana zuwa B, daga B zuwa D, daga D zuwa C, kuma sabon layin zai rufe zagayen. Amma shirin bai bi wannan hanya ba, bai ma san da ita ba. Lamba biyu ya kwatanta.

E–F ya wuce kamar na farko, F a ƙarƙashin E, darajar E 1. Sai D–F mai kilomita 7, inda gyare-gyaren biyu suka nuna kansu tare. Neman tushen D ya ratsa C ya kai A, kuma a dawowa an cire D daga ƙarƙashin C an manna shi ga A kai tsaye. Tushen F shi ne E. Darajar E 1 ce, ta A 2, sai E ya shiga ƙarƙashin A ba tare da darajar A ta motsa ba. Layuka biyar sun cika wa ƙauyuka shida, an tsaya, ba a ko duba C–E ba. Jimillar waya: 2 da 3 da 4 da 6 da 7, kilomita 22.

Akwai abu biyu a misalin nan da suka cancanci a tsaya a kansu, domin a nan ɗalibai suka fi ruɗewa. Na ɗaya, bishiyar da `parent` ke riƙe da ita daban take da bishiyar wayoyin. A cikin `parent`, C yana ƙarƙashin A kai tsaye, alhali layin A–C shi ne aka ƙi. D da E ma suna manne da A, kuma babu waya tsakaninsu da A ko kaɗan. Wanda ya buga abin da ke cikin `parent` a matsayin amsa ya ba injiniya taswirar ƙarya. Layukan da aka karɓa dole a tara su a jeri na daban. Na biyu, daraja ba tsawon bishiya ba ce. A daidai lokacin da aka manna D ga A, kowa a rukunin ya koma hawa ɗaya daga tushe, amma darajar A ta tsaya a 2. Ba a rage ta, domin gano sabon tsawon zai ci aikin da ake gudu. Daraja iyaka ce ta sama: tsawon ba zai wuce ta ba, amma yana iya gaza ta. Abin da take lamuncewa shi ne tushe mai daraja r yana da aƙalla 2^r a rukuninsa, tunda ba ta ƙaruwa sai tsara biyu sun haɗu. Saboda haka ko garuruwan sun kai miliyan ɗaya, ba darajar da za ta wuce 19.

Kurakuran da ake yi wajen rubuta shirin kaɗan ne, kuma kowanne yana da alamarsa. Akwai mai kwatanta `parent[x]` da `parent[y]` maimakon ya nemi tushe. A misalinmu, bayan layi na uku, na saman B shi ne A, na saman D shi ne C, sai shirin ya ɗauka rukuninsu daban, ya karɓi layin da zai rufe zobe. Akwai mai rubuta `parent[y] = x`, ya manna garuruwan kansu a maimakon tushensu, sai ya tsinke y daga tsohon rukuninsa, waɗanda aka haɗa jiya su wayi gari a rabe. Dukansu biyu ana kama su da gwaji ɗaya: a bar shirin ya bi layukan duka ba tare da tsayawa da wuri ba, a ƙirga waɗanda ya karɓa. In sun wuce n − 1, shirin ya lalace. In kuwa shirin lafiyarsa ƙalau amma layukan ba su kai n − 1 ba, taswirar ce ba a haɗe take ba tun asali, kuma yawan tushen da suka rage shi ne yawan yankunan da ba hanya tsakaninsu. Wanda ya bar daraja ya riƙe taƙaita hanya kaɗai, `find` ɗin da ke kiran kansa zai iya nutsewa cikin doguwar sarƙa, kuma Python a yadda yake zuwa yana tsayar da shiri idan kiran ya kai zurfin kusan 1,000.

Tsarin kuma yana da iyakarsa da ba kuskuren kowa ba ce. Ya iya haɗawa, bai iya rabawa ba: in aka cire layi, ba shi da hanyar warware rukunin. Yana faɗin cewa akwai zobe, ba ya nuna inda zoben ya bi. Kuma ba ya aiki ga hanyoyi masu tafiya ta fuska ɗaya, domin shi a wurinsa in A ya haɗu da B, to B ma ya haɗu da A.

Yanzu ga ɓangaren tarihin da ya fi burge ni. Shirin bai cika layi ashirin ba, kowa ya ga yana gudu kamar kowane `find` mataki ɗaya ko biyu ne, amma ba wanda ya iya faɗin ainihin saurinsa. An san cewa kowane gyara shi kaɗai yana sauko da kuɗin aiki zuwa kusan log n. Haɗuwarsu ce ta gagari lissafi, domin kowane bincike yana canja siffar bishiyar da na gaba zai tarar. A 1972 Fischer, wanda aka fara tafiyar da shi, ya nuna cewa matsakaicin kuɗin kowane aiki bai wuce log log n ba. A 1973 John Hopcroft da Jeffrey Ullman suka sauko da shi zuwa log* n, wato sau nawa za ka ɗauki log na lamba kafin ta sauko 1. Ga 65,536 sau huɗu ne: ta koma 16, ta koma 4, ta koma 2, ta koma 1. Don amsar ta wuce biyar, sai n ta haura 2^65536, lambar da rubuta ta ke cin gurabe 19,729.

Mai hankali zai ce a nan a tsaya, ko kuma ya yi zaton mataki na gaba shi ne a tabbatar kuɗin tsayayye ne, ba ya ƙaruwa sam. Tarjan, wanda a lokacin bai kai shekara talatin ba, ya nuna a 1975 cewa duka biyun ba haka ba ne. Ya tabbatar da cewa ayyuka m a kan abubuwa n suna cin lokaci daidai gwargwadon m·α(m, n), inda α take juyin wani aikin lissafi da Wilhelm Ackermann, ɗalibin David Hilbert, ya ƙirƙiro a 1928. Ackermann ya gina shi ne don wata muhawara a ilimin manɗiƙi, don ya nuna akwai lissafin da ke girma fiye da duk abin da sassauƙan maimaici zai iya kamowa. Juyinsa kuwa yana girma a hankali fiye da log* ma, ba zai wuce 4 ba ga duk wata taswira da za ta taɓa shiga kwamfuta. Abin mamakin shi ne Tarjan ya tabbatar da ɗaya ɓangaren kuma: akwai jerin ayyukan da za su tilasta wa shirin ya biya wannan α ɗin. Tana girma, komai jinkirinta. Sunan takardar ma ya faɗi haka, cewa dabarar mai kyau ce amma kuɗinta ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan aikin.

Sai tambaya ta koma ko wata dabarar daban za ta iya tsere wa α. A 1979 Tarjan ya nuna cewa ba za ta yiwu ba ga wani babban rukunin dabaru masu bin manuni daga abu zuwa abu. A 1984 shi da van Leeuwen suka tantance 'yan'uwan taƙaita hanya, ciki har da wadda ke manna kowane na biyu ga kakansa a hawa ɗaya ba tare da dawowa ba, suka nuna saurinsu ɗaya ne. Wannan ita ce da yawa ke rubutawa yau don kauce wa matsalar zurfin kira. A 1986 Hopcroft da Tarjan suka karɓi lambar yabo ta Turing saboda ayyukansu kan dabaru da tsarin ajiye bayanai. A 1989 Michael Fredman da Michael Saks suka rufe ƙofar: ko wace irin dabara aka kawo, muddin tana karantawa da rubutawa a gurabun ma'ajiya masu girman da aka saba, ba za ta kauce wa α ba. Shekara 25 ke nan daga takardar Galler da Fischer.

Ga mai ja wayoyi, sakamakon duk wannan shi ne nauyin ya koma inda aka zace shi tun farko. A taswirar nan mai garuruwa 100,000 da layuka miliyan ɗaya, binciken zobe da zai iya cin matakai biliyan 100 ya koma `find` miliyan biyu, kowanne 'yan matakai kaɗan. Jera layukan ne yanzu ya fi komai tsada a dabarar Kruskal, shi ya sa ake rubuta kuɗinta da m log m. In layukan sun zo a jere, ko tsawonsu ƙananan lambobi ne da ake iya jerawa da sauri, abin da ya rage shi ne m·α(m, n).

Wanda ke son ya mallaki wannan dabara, ya ɗauki takarda ya zana gurabe shida na `parent` da shida na `rank`, ya sake bin ƙauyukan nan da hannunsa. Sannan ya musanya tsawon A–C da na B–D, ya duba wanne za a ƙi a wannan karon, kuma wa zai kasance a ƙarƙashin wa.